Amsa laifi a ofishin 'yan sanda: yadda kotunan Ingila ke duba shi

Wanda ya zo Ingila ko Wales bai daɗe ba ya kamata ya san cewa maganar da ya faɗa a ofishin 'yan sanda tana iya bin sa har gaban alƙali, kuma a idon doka amsa laifi ba sai mutum ya ce "ni na yi" ba. Dokar PACE ta 1984, wadda ta tsara aikin 'yan sanda da hujjojin shari'ar laifi, ta ɗauki duk wani furuci da ya cutar da mai shi, ko da wani ɓangare ne kawai, a matsayin iƙirari, kuma ba lallai ba ne ya zama ga hukuma aka faɗe shi. Mutumin da ya ce yana wurin amma bai taɓa kowa ba ya riga ya ajiye kansa a inda abin ya faru. Sikotland tana da nata tsarin dabam, saboda haka abin da ke biye bai shafe ta ba.

Asali kotu tana karɓar iƙirari, domin ana ganin mai hankali ba ya ɗora wa kansa laifin da bai yi ba. Amma sashe na 76 na dokar ya wajabta wa alƙali ya ƙi shi a hali biyu. Na farko shi ne idan an samo shi ta hanyar zalunci, wanda ya haɗa da azabtarwa, da wulaƙanci, da duka ko barazanar duka. Na biyu shi ne idan an faɗi ko an aikata wani abu da, a yanayin da ake ciki, zai iya sa iƙirarin ya zama abin da ba a dogara da shi, kamar a ce wa mutum zai koma gida yau in ya amsa, ko a hana shi barci, ko a yi wa mai raunin fahimta tambayoyi ba tare da babban da zai tsaya masa ba. Da zarar lauyan wanda ake tuhuma ya tayar da batun, nauyin ya koma kan masu gabatar da ƙara, su ne za su tabbatar, ba tare da sauran shakka mai ma'ana ba, cewa ba ta waɗannan hanyoyi aka samo maganar ba. Alƙali yana sauraron wannan takaddama shi kaɗai, bayan an fitar da 'yan juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin, a abin da lauyoyi ke kira shari'a cikin shari'a.

Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne dokar ta ce a ƙi iƙirarin ko da gaskiya ne. Alƙali ba ya tambayar ko mutumin ya aikata laifin, yadda aka samo maganar yake dubawa. Dalilin farko shi ne wanda aka matsa wa yakan faɗi abin da zai sa a ƙyale shi, kuma babu hanyar da za a rarrabe na gaskiya da na ƙarya daga sauraron kalmomin kawai. Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, shi ne idan kotu ta karɓi abin da aka samo da tilas duk lokacin da ya dace da gaskiya, to ta koya wa masu bincike cewa tilas yana biya.

Shari'ar da ta fi bayyana wannan ita ce ta mutum uku na Cardiff, babban birnin Wales. A 1988 aka kashe wata matashiya, Lynette White, a birnin, kuma a 1990 aka samu Stephen Miller da Tony Paris da Yusef Abdullahi da laifin kisan. Ginshiƙin hujjar da aka kafa a kan Miller shi ne iƙirarinsa. An yi masa tambayoyi sau 19 cikin kwana biyar, jimillar kusan awa 13, ya musanta fiye da sau 300 kafin ya fara amsawa. Ba a doke shi ba, kuma a mafi yawan zaman akwai lauya a gefensa, sai dai lauyan bai tsoma baki yadda ya kamata ba. Da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta saurari kaset ɗin a 1992 ƙarƙashin Babban Alƙali Lord Taylor, ta ji yadda jami'ai ke yi masa tsawa suna maimaita masa abin da suke so ya faɗa, ga shi kuma mutum ne mai raunin fahimta, sai ta yanke cewa wannan zalunci ne, ta soke hukuncin dukansu uku. A 2003 gwajin DNA ya kai ga wani mutum dabam, Jeffrey Gafoor, wanda ya amsa kisan.

Abin lura shi ne kotun ta soke hukuncin shekaru kafin a san ainihin mai laifin, kuma abin da ya ba ta damar yin haka shi ne muryoyin da aka naɗa. Saboda haka sabon zuwa ya guji hira a kan laifin a cikin mota ko a bakin ɗakin tsarewa, ya bari sai an kunna na'urar naɗar murya. Yana da haƙƙin ganin lauya kyauta a ofishin ko mece ce takardar zamansa, da haƙƙin tafinta kyauta, kuma bai kamata ya ƙi tafinta don yana jin Turancin kasuwa ba, domin "eh" ɗin ladabi da mutum ke yi don nuna yana saurare yana iya fitowa a rubuce kamar amincewa. Ƙa'idojin tsarewa sun ba shi hutun awa 8 a jere cikin kowace awa 24, da ɗan hutu kusan kowace awa biyu yayin tambayoyi, kuma wanda bai kai shekara 18 ba ko mai rauni dole a kawo masa babban da zai zauna tare da shi. Idan yana jin ciwo, ko an yi masa alkawari ko barazana, ya faɗa wa jami'in da ke kula da tsararru a rubuta a kundin tsarewa, ya kuma maimaita a gaban na'ura. Kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake fahimta ba.

Kariyar tana da iyaka, kuma gara a san ta tun da wuri. Ba kowace saɓa ƙa'ida ce ke rusa iƙirari ba, tambaya mai zafi ko naci kaɗai ba zalunci ba ne. Akwai sashe na 78 da ya ba alƙali damar ƙin hujjar da za ta ɓata adalcin shari'a, wanda da shi aka yi watsi da iƙirari a shari'ar wani mai suna Mason bayan 'yan sanda sun yi wa wanda ake tuhuma da lauyansa ƙaryar cewa an ga zanen yatsunsa, amma wannan ya rataya ne a kan ganin alƙali. Sannan ko an ƙi iƙirarin, abin da aka gano ta dalilinsa, misali wuƙar da aka tono a inda ya nuna, yana nan a matsayin hujja, sai dai ba za a gaya wa 'yan juri cewa bakinsa ne ya kai ga wurin ba.

Shiru ma yana da nasa hukunci a nan. Tun wata doka dabam ta 1994, idan mutum ya ƙi ambaton wani abu lokacin tambayoyi, daga baya ya zo ya kafa kariyarsa a kansa a kotu, ana iya fassara shirun a kansa, abin da ya bambanta da tsarin Amurka da mutane suka saba gani a talabijin. Doka ta hana a yi wannan fassara idan an tsare mutum a ofishi ba a ba shi damar ganin lauya ba, don haka shawarar ko a amsa tambayoyi, ko a yi shiru, ko a miƙa rubutaccen bayani, abu ne da ake yankewa tare da lauya a keɓe, bayan ya ji abin da 'yan sanda suka bayyana masa na hujjojinsu, kafin a shiga ɗakin tambayoyi.