Darasi na Bakwai: Zaɓen Launi da Kayan Cikin Ɗaki

Kafin a sayi fenti ko tayil, a fara tsayawa cikin ɗakin a lura da ɓangaren da rana ke shigowa. Bari mu ɗauki falo mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin bango mita 3, tagarsa kuma tana kallon yamma. Irin wannan ɗaki da yamma yake shan zafi, domin hasken rana yana faɗowa kai tsaye a kan daɓe da kujeru.

Abu mai duhu yana shanye hasken rana ya mai da shi zafi, abu mai haske kuwa yana mayar da mafi yawansa. Shi ya sa baƙin tayil da rana ta daka yake ƙona tafin ƙafa, ya ci gaba da fitar da ɗumi har bayan faɗuwar rana. Amma a fahimci iyakar abin: fentin cikin ɗaki shi kaɗai ba ya sanyaya gida. Yawancin zafi ta rufi da taga yake shigowa. Don haka labulen tagar yamma ya zama mai kauri, kuma fuskarsa da ke kallon waje ta zama fara, ko da ta ciki wani launi ce. Silin ma a yi masa farin fenti, domin yana baza haske, ba sai an kunna fitila da rana ba.

Launi uku sun ishi ɗaki. Babban launi, kamar ruwan madara, ya mamaye bango. Na biyu, kamar ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka, ya tafi ga daɓe da kujeru. Na ukun ɗan kaɗan ne, a matashin kujera ko bakin labule, kuma nan ne ya dace a sa launi mai ƙarfi, tunda idan an gaji da shi canza shi ba wuya.

A bango ne aka fi yin kuskure. Fari fat yana da kyau ranar da aka shafa shi, amma bayan 'yan watanni shatin hannu da na jingina duk sun bayyana. Ni dai shawarata a raba bangon gida biyu. Daga ƙasa zuwa kamar mita 1.2, wato wajen ƙirjin babban mutum, a shafa fenti mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, launinsa ya ɗan fi na sama duhu. Daga nan zuwa silin sai fentin ruwa marar sheƙi, wanda ke ɓoye ƙananan kurajen filasta. Mai sheƙi kuwa tona su yake yi, don haka sai an goge filastar ta yi sumul tukuna.

Ga lissafin falonmu. Kewayen bango mita 18 ne. Idan aka cire ƙofa da taga, ɓangaren ƙasa zai kai murabba'in mita 20, na sama kuma kamar 28. Lita ɗaya tana shafe kusan murabba'in mita 10, kuma sau biyu ake shafawa. Ke nan ana buƙatar lita 4 a ƙasa, lita 6 a sama. Sabuwar filasta a bar ta ta bushe kamar mako huɗu. Idan an yi gaggawa, fentin zai kumbura ya riƙa ɓarewa, ko wani farin gari kamar gishiri ya tsattsafo. Ganin haka alama ce ta danshi a cikin bango, kuma ƙara fenti a kai ba ya maganinsa sai an toshe inda ruwan ke shiga.

Ga daɓe, tayil ya fi kafet sanyi da sauƙin shara. A zaɓi marar sheƙi mai ɗan dabbare-dabbare, domin mai ƙyalli yana da santsi idan ya jiƙe, kuma baƙi da fari duka suna nuna ƙura. Don gane mai ƙarko, a ɗiga ruwa a bayansa: idan ya tsotse nan take, mai shan ruwa ne, idan ɗigon ya tsaya, ya fi tauri. Simintin cike tsakanin tayil kada ya zama fari, domin shi ke fara yin baƙi. Falonmu murabba'in mita 20 ne, amma a sayi 22 saboda yanka da fashewa.

Aikin gida: shafa launin da ka zaɓa a wani ɗan yanki na bango, ka ajiye tayil ɗaya a ƙarƙashinsa. Duba su da safe, da yamma, da kuma dare a hasken fitila, ka rubuta abin da ka gani kafin darasi na gaba.