Yadda Malami Mai Digiri Zai Tambayi Shugaban Makaranta Gurbin Aiki a Saƙo

Malamai da dama sun tambaye ni yadda ake rubuta wannan saƙo, don haka ga matakan kamar yadda suke bin juna.

1. Ka binciki sunan shugaban makarantar da muƙaminsa kafin ka fara rubutu.
2. Ka buɗe da gaisuwa ta girmamawa a layi ɗaya.
3. Ka faɗi cikakken sunanka da digirin da kake da shi.
4. Ka ambaci darussan da kake koyarwa, biyu sun isa.

Hattara: a nan aka fi yin kuskure. Wanda ya ce zai iya koyar da kowane darasi yakan sa shugaba ya yi shakkar ƙwarewarsa, domin gurbi na darasi takamaimai ne ake cikewa.

5. Ka bayyana azuzuwan da ka koyar tare da tsawon lokacin, misali: "Na koyar da Lissafi da Kimiyya daga aji 1 zuwa aji 3 na ƙaramar sakandare har shekara 2."
6. Ka yi tambayar kai tsaye: "Shin akwai gurbin malamin Lissafi a zango mai zuwa?"
7. Ka nuna cewa a shirye kake ka kawo takardunka idan an buƙata.
8. Ka rufe da godiya da lambar wayarka.
9. Ka sake karantawa kafin ka tura, musamman sunan makarantar, domin masu tura saƙo ɗaya zuwa wurare da yawa sukan manta su canza shi.