Yadda Ake Koyon Nazarin Bayanai da Kanka Cikin Shekara Ɗaya

Kafin ka buɗe kowane darasi, fara yanke lokaci. Awa ɗaya a rana, kwana biyar a mako, sai awa uku a ƙarshen mako: awa 8 ke nan, wato kusan awa 400 a mako 50. Wannan ya isa ka ƙware a abu uku, amma ba zai isa goma ba. Shawarata ita ce ka riƙe Excel, da SQL, wato harshen da ake zaƙulo bayanai daga rumbun bayanai da shi, da manhaja ɗaya ta zana rahoto, sauran su jira.

Wata uku na farko na Excel ne, ko Google Sheets idan shi ke hannunka. Kada ka raina shi. Sauko da bayanai na gaske, irin waɗanda Bankin Duniya ko Kaggle ke bayarwa kyauta, ka fara gyara su da hannunka: kwanan watan da aka rubuta kala-kala, sunan da aka maimaita, gurbin da aka bari babu komai. Ka koyi SUMIFS, da VLOOKUP ko XLOOKUP, da PivotTable. A nan ne kuma za ka fara sanin yadda lissafi ke ruɗin mutum. Ɗauki 10, 11, 12, 13 da 200. AVERAGE, wato matsakaici, zai ba ka 49.2, MEDIAN kuwa, wato adadin da ke tsakiya idan an jera su, 12. Adadi ɗaya tak ya janye matsakaicin zuwa inda babu kowa, don haka ka saba duba su biyun tare.

Daga wata na huɗu zuwa na bakwai sai SQL, kuma nan nake so ka fi daɗewa. Sa SQLite ko PostgreSQL a kwamfutarka, duka kyauta ne. SELECT, WHERE da GROUP BY ba sa wahalar shiga kai. Inda gizo ke saƙar shi ne JOIN, wato haɗa tebur biyu, domin yakan ba da amsar da ba daidai ba ba tare da ya nuna wata alamar kuskure ba.

Ga misali. Kana da teburin oda mai layi 1,000, da teburin kwastomomi. Ka haɗa su don ka ga cinikin kowane yanki, sai jimilla ta fito sama da wadda ka samu a Excel. Kafin ka zargi komai, ƙirga layukan da COUNT(*) bayan haɗawar. A ce ka ga 1,040. Daga ina 40 suka fito? Mafi yawan lokuta wani kwastoma ne aka shigar sau biyu a teburinsa, sai kowace odarsa ta fito sau biyu, kuɗinta ma aka tara sau biyu. Ga yadda za ka kama shi:

```sql
SELECT lambar_kwastoma, COUNT(*)
FROM kwastomomi
GROUP BY lambar_kwastoma
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Duk lambar da ta fito, maimaitacciya ce. Gyara teburin, ka sake haɗawa, ka tabbatar an koma 1,000. Idan kuma ƙirgar ta faɗo ƙasa da 1,000, to akwai odar da ba a samu mai ita ba, JOIN ya zubar da ita. LEFT JOIN zai dawo maka da ita ka duba. Ƙirga kafin haɗawa, ƙirga bayan haɗawa: mayar da wannan ɗabi'arka tun yanzu. Haka nan ka kula da NULL, domin AVG tsallake gurbin da babu komai yake yi, ba ya ɗaukarsa sifili.

Wata na takwas da na tara, koyi zana rahoto. Power BI Desktop kyauta ne, sai dai a Windows kawai yake aiki. Harshen Python da pandas, kayan aikinsa na sarrafa bayanai, fa? Idan SQL ya zauna maka da wuri, ka taɓa su. Idan bai zauna ba, babu gaggawa.

Wata ukun ƙarshe ka rufe darussa. Kallon bidiyo yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali gani ga wane bai isa ba. Gwajin gaskiya shi ne a ba ka fayil ɗin da ba ka taɓa gani ba da tambaya ɗaya, ka amsa babu mai riƙe maka hannu. Yi ayyuka biyu ko uku irin haka. Kowanne ya fara da tambaya takamaimai, kamar "wane kaya ne cinikinsa ya faɗi, kuma daga wane wata?", ya ƙare da shafi ɗaya mai ɗauke da amsar, da abin da ka goge ko ka gyara a bayanan, da dalilin yin haka. Sai ka ba wanda bai san fannin ba ya karanta. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka me kake nufi, koma ka sake rubuta wurin kafin ka sa aikin a GitHub, inda mai neman ma'aikaci zai iya buɗewa ya gani.