Darasi na 7: Kiriyatin da ire-iren zaren tsoka

A wuraren ɗaga ƙarfe na Garwa da Marwa, har da waɗanda samari suke zuba siminti a gwangwani su haɗa nasu ƙarfen a unguwa, yanzu zaka ji ana ta maganar wani farin gari wai shi kiriyatin. Mutum biyu su sayi roba iri ɗaya, bayan wata guda ɗaya yace ƙarfi ya ƙaru amma jikinsa na nan yadda yake, ɗayan kuma yace riga ta fara matse shi. Sai gardama ta tashi wai na wani jabu ne. Toh yawanci garin ɗaya ne, atisayen nasu ne ya bambanta.

Kiriyatin ba baƙon abu bane a jiki. Hanta da ƙoda suna haɗa kusan giram 1 kullum, sauran kuma daga nama da kifi muke samu, kilo ɗaya na ɗanyen naman shanu yana da wajen giram 4 zuwa 5, dahuwa kuma tana rage wani abu. Kusan kashi 95 cikin 100 nasa a tsoka yake zaune. Aikinsa guda ɗaya ne: tsoka tana motsi da wani sinadari da ake rubutawa ATP, wanda ke ajiye kuwa ɗan kaɗan ne, sakan 2 ko 3 na aiki mai tsanani ya ƙare, sai kiriyatin ɗin dake cikin tsokar yayi maza ya sake caza shi. Shi ma wannan ajiyar bata wuce wajen sakan 10 ba in ka saka ƙarfinka gaba ɗaya. In ka huta rabinta na dawowa cikin kamar sakan 30, amma ta cika sosai sai minti 3 zuwa 5. Ku riƙe waɗannan lambobin don duk darasin a kansu yake tafiya.

Yanzu maganar zare, wato siraran zaruruwan naman da suka haɗu suka yi tsoka. In an yanka kaza ku duba da kyau, naman ƙirji fari ne na cinya kuma yayi duhu. Cinya tana yini tana yawo, zarenta mai jinkiri ne mai juriya, yana da jini da yawa, da iskar numfashi yake aiki, ana ce masa nau'i na 1. Ƙirji kuwa na fuffuka ne sau ɗaya da ƙarfi sai gajiya, wannan shine nau'i na 2, mai sauri. A jikin mutum zaruruwan biyu a cakuɗe suke cikin kowace tsoka, kuma yawan kowanne gado na da hannu a ciki sosai. Nau'i na 2 shi yafi ajiye kiriyatin, shi yafi ƙone shi da sauri, kuma shi yafi yin kauri in ana atisaye. Shi yasa mai gudun dogon zango baya ganin wani abin kirki daga garin nan.

Mu ɗauki misali da mutum biyu, lambobin na koyo ne.

Na farko mai neman ƙarfi ne. Yana ɗaga kilo 100 sau 3, ya huta minti 4, ya sake, har zubi 5. Kowane zubi baya kai sakan 15, kenan yana cikin lokacin kiriyatin daidai, kuma hutunsa ya isa ajiyar ta cika. Da ya sha na wata guda, ɗagawa ta uku da ada take maƙalewa a rabi sai ta fita, ko ya samu ta huɗu, bayan wasu makonni ya ƙara kilo 2 da rabi a kan sandar. Amma fa kar ya zata ɗagawa ɗaya tal mafi nauyi zata yi tsalle cikin kwana uku, ita wannan sakan kaɗan ce, ta fi dogara da ƙwarewa da yadda jijiyoyi ke tada tsoka lokaci guda. Ribarsa na zuwa ne ta atisayen da ya samu ya ƙara. Kuma tunda jimillar ɗagawarsa kaɗan ce, kaurin damtse bazai canja sosai ba.

Na biyu mai gina jiki ne, kuma nasa ne yafi ruɗa mutane don haka mu tsaya a kai. Yana ɗaga kilo 60, zubi 4, hutun minti 1 kacal. Da yana yin 10, 9, 7, 6, jimilla 32, saboda kafin ajiyar ta gama dawowa ya sake kama ƙarfe, kowane zubi da ragi yake farawa. Da ajiyar ta ƙaru sai ya koma 10, 10, 8, 7, wato 35. Uku ne kawai suka ƙaru, amma 3 sau 60 kilo 180 kenan a motsi ɗaya rana ɗaya, ka tara wannan wata biyu ko uku da abinci mai kyau da barci, shine yake zama tsoka. Sai dai kafin nan akwai abinda zai fara gani: kiriyatin yana jan ruwa cikin tsoka, a mako na farko ko na biyu sikeli zai iya nuna ƙarin kilo 1 zuwa 2. Wallahi wannan ruwa ne, ba a gina kilo biyu na nama a mako guda, duk mai sayarwar da ya gaya maka haka kuɗinka yake so. Ainihin tsokar da garin ke ƙarawa a kan na atisaye kaɗan ce, a hankali take zuwa. Ruwan nan ma shi mai ƙarfi ya kula dashi in yana gasa ta ajin nauyi, kilo ɗaya zai iya tura shi aji na sama.

Yadda ake sha ba wuya. Ka duba jikin robar a rubuce Créatine monohydrate, shine wanda aka fi gwadawa kuma yafi araha. Giram 3 zuwa 5 kullum har ranar hutu, a ruwa ko kunu, tsoka na cika cikin mako 3 zuwa 4. Masu gaggawa suna shan giram 20 a rana, a raba huɗu, na kwana 5 zuwa 7 sannan su sauko, wuri ɗaya ake isa sai dai wannan yafi kawo murɗar ciki da gudawa, ni bana ba sabon shiga shawararsa. Da azumi a sha bayan buɗa baki. Lokacin zafin Maris da Afirilu kuwa da Garwa ke wuce digiri 40, a yawaita ruwa. Mai ciwon ƙoda kar ya taɓa sai likita ya yarda, kuma in za a yi maka gwajin jini na ƙoda ka faɗa masu kana sha, don yana iya ɗaga lambar kiriyatinin, wani sinadari daban da ake aunawa a jini don duba aikin ƙoda, ko da ƙodar lafiyarta lau.

Akwai wanda zai sha baiga komai ba. Yawanci ko dai tsokarsa dama ta kusa cika don yana cin nama da kifin Lagdo sosai, ko zarensa mai sauri kaɗan ne. Mai ƙarancin cin nama shi yafi ganin canji.

Aikin gida: ka samu littafi, kafin ka fara sha ka rubuta nauyinka da safe kafin karyawa, ka ari tef ɗin tela ka auna damtse, ka rubuta sau nawa ka ɗaga a kowane zubi da nauyi ɗaya da hutu ɗaya. Ka maimaita duk mako har mako 6. In sikeli ya hau a farko kuma zubi na uku da na huɗu sun ƙaru, yana maka aiki. In babu ko ɗaya kuma baka tsallake kwanaki ba, ka daina saye ka sa kuɗin a ƙwai da wake.