Darasi na Bakwai: Wasiƙar Malami Zuwa ga Mai Ba da Shawara kan Kuɗi

Mai ba da shawara kan kuɗi kamar likita yake, abin da ka faɗa masa da shi zai yi aiki. Idan ka rubuta masa cewa albashi ba ya kai ka ƙarshen wata, ba ka ba shi abin kamawa ba, domin kusan kowane ma'aikaci haka zai ce. Abin da yake nema lambobi ne: nawa ke shigowa, nawa ke fita, wa ke bin ka, zuwa yaushe. A wannan darasi za mu duba wasiƙar wani malamin makaranta, sannan mu bi ta da lissafi. Lambobin da ke ciki na misali ne, kowa ya sa sunan kuɗin ƙasarsa a gabansu.

Kafin a ɗauki alƙalami

A tara takardu huɗu a gaba: takardar albashi ta wata uku na baya, takardar bayanin asusun banki ta waɗannan watannin, takardar yarjejeniyar kowane bashi, da littafin da aka rubuta kashe-kashen gida. Wanda ba shi da littafin ya yi wata guda yana rubuta duk abin da ya kashe kafin ya fara wasiƙar. Abin da mutum ya ƙiyasta da ka yakan yi ƙasa da gaskiya, saboda ƙananan abubuwa irin kuɗin mota da katin waya ba sa zama a tunani.

A takardar albashi akwai lambobi biyu da ake yawan rikitawa. Ta sama ita ce cikakken albashi, ta ƙasa kuma ita ce abin da ya shiga asusu bayan an cire haraji da fansho da duk bashin da ake yanka tun daga wurin biya. Da ta ƙasan ake tsara rayuwa. Amma a rubuta duka biyun tare da abin da aka cire, domin mai ba da shawara ya ga inda kuɗin suka bi.

Ga wasiƙar

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni malamin sakandare ne, shekarata goma sha takwas a koyarwa, saura shekara goma sha bakwai in yi ritaya. Ina da mata da 'ya'ya uku, biyu suna makaranta. Na rubuto ne don ka taimake ni da tsarin da zan bi in fita daga bashi in fara ajiya.

Cikakken albashina 160,000 ne a wata. Ana cire 22,000 na haraji da fansho, da 18,000 na bashin ƙungiyar malamai, sai 120,000 su shigo asusuna. Ina kuma koyar da yara da yamma ina samun 20,000 a wata, amma wata tara kawai a shekara, lokacin hutu babu.

Abin da nake kashewa kowane wata: abinci da cefanen gida 55,000, sufuri 14,000, wuta da ruwa da waya 9,000, iyayena 10,000. Hayar gida 240,000 ce a shekara, ana biya gaba ɗaya. Kuɗin makarantar yara 36,000 ne kowane zango, sau uku a shekara.

Bashi uku ne a kaina. Na farko na ƙungiya, 18,000 a wata, saura wata goma, wato 180,000. Na biyu na wani kamfanin ba da rance: na karɓi 180,000 a kan kuɗin ruwa kashi 4 cikin ɗari a wata na tsawon wata goma sha biyu, ina biyan 22,200 kowane wata, na biya sau biyar. Na uku 60,000 ne na ɗan'uwana, babu ruwa a kai, na yi masa alkawarin wata shida. Ban da waɗannan, na tsaya wa wani abokin aikina ya karɓi rancen 150,000, kuma har yanzu bai gama biya ba.

Burina uku ne. Ina so in gama biyan bashi cikin shekara guda. Ina so in tara abin da zai riƙe gidana wata uku idan wani abu ya taso. Ina kuma so in koma ƙarin karatu nan da shekara biyu, wanda zai ci kamar 300,000.

Abin da ke hana ni barci shi ne watannin hutu da lokacin biyan haya, a nan nake cin sabon bashi. Ina tsoron a makara da albashi kamfanin ya ɗora mini tara. Ina kuma tsoron fanshona ba zai ishe ni ba. Ba zan iya rage abin da nake ba iyayena ba, kuma ba na son zuba kuɗi a inda uwar kuɗin za ta iya salwanta.

Ina roƙon ka gaya mini wane bashi zan fara kashewa, nawa zan riƙa warewa kowane wata, da kuma ko burin karatun zai yiwu a lokacin da na sa. Don Allah ka sanar da ni nawa ne ladan aikinka, da kuma ko kana karɓar kamasho daga kamfanonin da za ka ce in je wurinsu. Na haɗo kwafin takardun albashi da na rance.

Na gode. Ka huta lafiya.

Abin da lambobin suka nuna

Malamin bai yi lissafin ƙarshe ba, amma ya ba da duk abin da za a yi shi da shi. Darasin yamma 20,000 sau tara ya zama 180,000 a shekara. A raba shi gida goma sha biyu, 15,000 ke nan a wata. Saboda haka abin da ke shigo masa 135,000 ne. Wanda ya rubuta 140,000 ya manta da hutu.

Kashe-kashen wata sun haɗu 88,000. Haya idan aka raba ta wata-wata 20,000 ce, kuɗin makaranta 108,000 a shekara kuma 9,000 ne a wata. Jimla 117,000. A ƙara 22,200 na kamfani, an kai 139,200. Ba a ƙara 18,000 na ƙungiya a nan ba, tun da an riga an yanke shi kafin albashi ya shigo. Ƙirga shi sau biyu kuskure ne da ake yawan yi, kuma yana sa mutum ya ga halinsa ya fi yadda yake muni.

Giɓin ya fito: 4,200 kowane wata, tun ba a fara biyan ɗan'uwa ba. A watan da babu haya babu kuɗin makaranta, malamin yana ganin kamar yana da rarar kusan 30,000, sai su narke a hannu. Ranar da mai gida ya zo, sai rance. Wannan ne dalilin da ya sa dole a rubuta kashe-kashen shekara a wasiƙa, kuma shi ya sa shawarar farko da zai samu ita ce ya riƙa ware 29,000 ranar da albashi ya shigo, a wani asusu dabam da ba ya riƙe katinsa.

Rancen kamfanin yana buƙatar a tsaya a kansa. Kashi 4 na 180,000 shi ne 7,200, uwar kuɗi kuma 15,000 a wata, shi ya ba da 22,200. A lura cewa ruwan bai ragu ba ko da bashin yana raguwa. Bayan biya biyar, uwar kuɗin da ta saura 105,000 ce, amma har yanzu 7,200 ake karɓa, wanda ya kusa kashi 7 cikin ɗari na abin da ya rage. A ƙarshe zai biya ruwa 86,400. Akwai rancen da ake lissafa ruwansa a kan ragowar bashi kawai, kuma shi ya fi sauƙi ko da an ce kashi 4 ne dukansu. Yadda za ka gane naka: duba jadawalin biya, idan ruwan kowane wata lamba ɗaya ce daga farko har ƙarshe, a kan asalin kuɗin aka ɗora shi. A kuma karanta abin da yarjejeniyar ta ce game da biya kafin lokaci. Idan za a yafe sauran ruwan, 50,400 ne malamin zai tsira da su in ya kashe bashin yau. Idan ba za a yafe ba, gaggawar biya ba ta ƙara masa komai.

Daga nan tsari ya fara bayyana da kansa. Wahalar ta wata bakwai ce: giɓin 4,200 sau bakwai, 29,400, wanda sai an samo shi ta rage cefane ko ƙara darasi a hutu. Alkawarin wata shida da aka yi wa ɗan'uwa ba zai cika ba, gara a same shi tun yanzu a nemi ya ƙara zuwa wata goma sha ɗaya. Daga wata na takwas rarar kusan 18,000 za ta fito, daga na goma sha ɗaya kuma ta koma 36,000. Ajiyar wata uku 351,000 ce, za ta ci wata goma. Kuɗin karatu za su ci wasu tara. An doshi wata talatin ke nan, malamin kuwa ashirin da huɗu ya sa. Ko dai ya ɗage karatun da rabin shekara, ko ya fara da ajiyar wata ɗaya da rabi ya cike daga baya. Shi zai zaɓa, mai ba da shawara nuna masa kawai zai yi.

Inda wasiƙa ke lalacewa

Ɓoye bashi don kunya ya fi komai ɓarna, domin za a gina maka tsari a kan kuɗin da ba naka ba. Tsayawa wani ma a rubuta, domin idan ya kasa biya kai za a nema. Buri kuma in babu adadi babu lokaci, ba a iya lissafa shi. Haka nan a faɗi abin da ba za a taɓa ba, kamar yadda malamin ya faɗi na iyayensa. Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa ko kaɗan ya rubuta hakan a sarari, don kada a kawo masa shawarar da ba zai bi ba.

Lambar sirrin kati, kalmar shiga asusu da lambar da banki ke turowa ta waya ba sa shiga wasiƙa, kuma mai ba da shawara na gaskiya ba ya tambayar su. Kwafin takardu ake aikawa, na asali su zauna a gida. Kafin a aika, a tambayi ko yana da lasisi daga hukumar da ke kula da wannan aiki a ƙasarku. Wanda ya yi alkawarin riba mai yawa tabbatacciya, ko ya ce a tura kuɗi cikin asusunsa na kansa, a rabu da shi.

Aikin yi

1. Ɗauko takardar albashinka ka rubuta cikakken albashi, abin da aka cire, da abin da ya shigo asusu.
2. Rubuta duk abin da kake biya sau ɗaya ko sau uku a shekara, ka haɗa, ka raba gida goma sha biyu.
3. Ga kowane bashi rubuta abin da ya rage, abin da kake biya a wata, yadda ake lissafa ruwansa, da watan da zai ƙare.
4. Da a ce ba a yi wa malamin albashi wata ɗaya ba, nawa zai nema don ya biya kashe-kashen watan da rancen kamfani, in yana da 20,000 na darasin yamma?
5. Rubuta taka wasiƙar, kada ta wuce shafi biyu, ka kawo ta aji na gaba.