Kurakuran da Aka Fi Yi a Saƙon da Ke Rakiyar Takardar Farashi

Na shafe shekaru ina rubuta wa shagon kafintocin yayana takardu a Kano, kuma yawancin saɓanin da na gani tsakanin mai aiki da mai ba da aiki daga ɗan gajeren saƙon da ake turawa tare da takardar farashi yake tasowa. Takardar kanta lissafi ce kawai, saƙon kuma shi ne yake gaya wa mai saye yadda za a biya, da tsawon lokacin da farashin zai tsaya, da sharaɗin kafin alƙalami. Mutane da dama suna zaton lambobi ne suke sa saƙo ya yi tsauri, alhali kuwa tsaurin yana cikin lafazin umarni da rashin faɗin dalili. Misalin da zan bi da shi na wata makaranta mai zaman kanta ce da ta nemi a ƙera mata kujerun ɗalibai 100, kowace a kan Naira 40,000, jimilla Naira miliyan 4.

Kuskuren da ya fi yawa kunya ce take haifar da shi. Kafinta yana jin nauyin ambaton kuɗi a gaban babbar mace mai makaranta, sai ya rubuta cewa "maganar biya ma daidaita, babu damuwa". Wannan jimla tana da daɗin ji, amma kowane ɓangare yana fassara ta yadda ta dace da shi. Mai shagon yana nufin a ba shi wani kaso ya shiga kasuwa, mai makarantar kuma tana nufin za ta biya idan iyaye sun kawo kuɗin zangon karatu. Ranar da aka tashi daidaitawar, sai kowa ya ga kamar ɗan'uwansa ne ya sauya magana. Gyaran shi ne a rubuta kason da adadinsa a Naira, wato kashi 60 cikin ɗari, Naira 2,400,000, a matsayin kafin alƙalami, sannan cikon Naira 1,600,000 a ranar da aka kai kaya aka duba su. Rubuta adadin yana hana mai karatu yin lissafi da kansa, kuma yana toshe ƙofar "ai ni rabi na ɗauka".

Akwai kuma wanda aka taɓa cinye masa kuɗi, sai ya koma ɗaya gefen ya cika saƙonsa da "dole ne", "wajibi ne" da "ba za mu taɓa aiki ba sai an biya". Ba na ganin laifinsa a zuci, domin na san ciwon bin bashi, amma mai karanta saƙon ba shi ne ya cuce shi ba, kuma zai ji kamar ana tuhumarsa tun kafin a fara hulɗa. Sharaɗin ba ya buƙatar canji, abin da ake juyawa shi ne mafarin jimlar. Maimakon a faɗi abin da ba za a yi ba, sai a faɗi abin da za a yi da zarar kuɗin ya shigo, a haɗa da dalili a taƙaice: da kafin alƙalamin ne za a sayi katako da ƙarfe da fenti a lokaci guda, domin kujerun su fito iri ɗaya. Duk wanda ya ji inda kuɗinsa za su tafi ba kasafai yake jayayya a kan kason ba.

Batun wa'adin farashi ya fi buƙatar natsuwa. Tun bayan da aka saki darajar Naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, masu sana'a da yawa sun koma rubuta cewa "farashi yana iya canjawa a kowane lokaci". Gaskiya ce, amma jimlar tana rushe takardar gaba ɗaya, domin mai makarantar ba za ta iya kai wa kwamitinta farashin da ba shi da tabbacin kwana ba. Wasu kuma suna rubuta "na tsawon mako biyu" ba tare da faɗin daga yaushe ake ƙirgawa ba, daga ranar rubutawa ne ko daga ranar da aka buɗe saƙon. Abin da ya dace shi ne a sa rana da kwanan wata ƙarara, a kuma gabatar da wa'adin a matsayin alƙawarin da mai shago ya ɗaukar wa kansa, wato zai riƙe farashin har zuwa wannan rana ko da kaya sun tashi. Sannan a faɗi abin da zai faru bayan ranar, domin kalmomi irin su "takardar ta mutu" suna sa mai saye jin kunyar dawowa. A ce kawai za a sake duba kasuwa a aiko da sabon lissafi. Abin lura a nan shi ne, kada a zaɓi wa'adin da ya fi wanda dillalin katako ya bayar tsawo, in ba haka ba mai shagon ne zai cike giɓin daga aljihunsa.

Jimlar "ba a maido da kafin alƙalami" ita ce ta fi korar mutane, kuma sau da yawa ba ta ma bayyana abin da mai shagon yake aikatawa. A zahiri, idan aka fasa aiki kafin a sayi komai, yawancin masu sana'a suna mayar da kuɗin, kuma abin da ba ya komawa shi ne wanda aka riga aka kashe a kan katakon da aka yanka a kan ma'aunin wannan aiki. To, a rubuta hakan kamar yadda yake. Haka kuma a ɗaure ranar kammalawa da ranar shigowar kuɗi, domin wanda ya rubuta "za mu gama cikin mako uku" ba tare da wannan sharaɗi ba, zai iske an jinkirta biya kwana goma ana kuma jiran kaya a ranar farko.

Ga yadda saƙon ya kasance bayan gyara:

"Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe Hajiya, da fatan kuna lafiya, da malamai da ɗalibai baki ɗaya. Ga takardar farashin kujeru 100 da kuka nema, jimillarta Naira 4,000,000, har da kuɗin kaiwa makaranta. Za mu riƙe muku wannan farashi har zuwa ranar Litinin 17 ga Maris, bayan nan kuma za mu sake duba kasuwa mu aiko da sabon lissafi. Da zarar kafin alƙalami na Naira 2,400,000 ya shigo, za mu sayi katako da ƙarfe gaba ɗaya, kuma in Allah ya yarda za mu kawo kaya cikin mako uku daga wannan rana. Cikon Naira 1,600,000 sai ranar da muka kawo kuka duba. Idan wani uzuri ya sa aka fasa kafin mu sayi kaya, za mu mayar da kuɗin cif, idan kuma mun riga mun saya, za mu cire abin da aka kashe mu kawo muku rasit. Idan akwai abin da bai dace da tsarin biyanku ba, ku sanar da mu kafin ranar mu duba tare."

Jimlar ƙarshen nan tana buɗe ƙofar tattaunawa ba tare da ta sassauta ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan ba. Sai dai kada a ɗora mata ban-haƙuri irin su "a gafarce mu da muka ambaci kuɗi", domin yana nuna wa mai saye cewa mai shagon bai yarda da sharaɗinsa ba. Idan kuma aka amince da wani sauyi ta waya, misali a raba kafin alƙalamin gida biyu, to a sake tura saƙon a ranar da sabbin lambobi, a kuma nemi Hajiya ta amsa a rubuce cewa ta gani ta amince.