Yadda ake gane ko bakwaini yana samun isasshen abinci

Bakwaini zai iya ƙara nauyi kullum amma yana ci baya. Shi ya sa "yana ƙaruwa" ba ya isa amsa, sai an yi lissafi.

A ɗauki jaririn da aka haifa a mako 29 da nauyin giram 1,200, yanzu kwanansa 21. Ramar kwanakin farko ta wuce, domin yawanci ana komawa nauyin haihuwa cikin mako biyu. Fara da awo: sikeli ɗaya, lokaci ɗaya, ba kaya a jikinsa, a cire nauyin duk abin da ke maƙale da shi. Makon jiya giram 1,300 ne, yau 1,400. Raba ƙarin 100 ɗin gida bakwai, kusan giram 14 ke nan a rana. Sai ka raba da matsakaicin nauyinsa na makon, kilo 1.35, ka samu kusan giram 10.6 a kowane kilo. Abin da ake nema 15 zuwa 20 ne. Yaron yana baya.

Ka auna zagayen kai da tsayi sau ɗaya a mako, kowanne ana sa ran kusan santimita ɗaya. A jadawalin Fenton na bin girman bakwaini, wanda na maza daban, na mata daban, ɗigonsa yana kan mako 32, wato 29 da ukun da ya yi a duniya. Ɗigo ɗaya ba ya faɗin komai. Abin dubawa shi ne ko ɗigogin suna bin layinsu ko suna gangarowa suna tsallake layuka. Nauyin da ya yi tsalle dare ɗaya kuwa, duba ƙafafu da fatar ido, sau da yawa kumburi ne.

Sai abin da ya shiga cikinsa da gaske, domin na takardar likita daban ne. Tara abin da aka rubuta an ba shi cikin awa 24, ka lura da ciyarwar da aka tsallake. Kuskuren da ake yawan yi, a bar adadin nono kan tsohon nauyi alhali yaro ya girma.

A ce yana samun mililita 150 a kowane kilo a rana na nonon uwa zalla. Furotin ɗin da ke ciki kusan giram 2 ne kawai a kowane kilo, shi kuwa yana buƙatar 3.5 zuwa 4. Wannan giɓin ne garin ƙarin sinadari, wato fotifaya, yake cikewa, tare da kalsiyam da fosfat na ƙashi. Wurare da yawa suna fara shi idan ciyarwa ta kai mililita 100 a kowane kilo. A zuba shi a nonon daidai awon da ke jikin fakitin, kusa da lokacin ciyarwa, kada a ƙara da ka. Kumburin ciki, koren amai ko jini a kashi, a dakata a kira likita nan take.

Bayan mako guda a sake lissafin. In har yanzu yana ƙasa da 15, a gwada sodiyam da yuriya a jini. Ƙarancin sodiyam yana tsayar da girma ko da nono ya wadata, yuriya mai ƙasa kuma tana nuna furotin bai kai ba tukuna.